Bashin Awa 54: Wasiƙar da Ɗalibar Nas ke Rubutawa don Rama Aikin Asibiti

Da misalin ƙarfe takwas saura kwata na safe, kafin masu aikin dare su miƙa wa masu aikin safe, akwai wani littafi da ake buɗewa a kan teburin sista a ɗakin marasa lafiya. Ɗaliban aikin jinya ne ke layi a gabansa, kowa ya rubuta sunansa da lokacin da ya iso, ya sa hannu. Wanda ya zo dubiya ba zai ko kalle shi ba. Amma ga ɗalibin nas, duk layin da ya zauna babu sa hannu a littafin nan bashi ne, kuma bashin da ba a yafewa. Sai an biya shi da awanni a tsaye a bakin gadon majinyaci kafin makaranta ta yarda ta gabatar da ɗalibi ga jarrabawar ƙarshe.

Hanyar biyan bashin tana farawa da takarda guda: wasiƙar da ɗalibi ke rubuta wa malamar da ke kula da horonsu a asibiti, yana roƙon a ba shi ƙarin awanni ya rama diyutin da ya wuce shi. Ba ta cika shafi ɗaya ba. Duk da haka ɗalibai da yawa kan rubuta ta sau biyu ko uku kafin a karɓa, wasu kuma su yi ta ɗagewa har lokaci ya ƙure musu.

Karatun jinya rabinsa a aji yake, rabinsa a asibiti. A Nijeriya, Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa, wadda aka kafa a tsarinta na yanzu a 1979, ita ce ke tsara manhaja, ta shirya jarrabawar ƙwarewa, ta ba da lasisi. Ko ɗalibi ya bi ta makarantar jinya ta shekara uku, ko ya bi ta digirin jami'a na shekara biyar kamar yadda ake yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, dole ya zagaya ɗakunan asibiti ɗaya bayan ɗaya: ɗakin maza, ɗakin mata, ɗakin yara, tiyata, sashen gaggawa, da sauransu. Wannan zagaye shi ɗalibai ke kira fostin. Kowane ɗalibi yana kuma riƙe da littafin ayyukan hannu, inda nas mai lasisi ke sa hannu cewa ta ga ya yi allura, ya wanke rauni, ya sa robar fitsari, kuma ya yi daidai.

Wasu ƙasashen sun ma ƙayyade lissafin ƙarara. A Birtaniya, hukumar jinya tana neman awa 4,600 na horo gaba ɗaya, 2,300 daga ciki na aikin hannu. Nas ɗin da ta yi karatu a nan gida ma, ranar da ta nemi aiki a waje aka buƙaci takardun makarantarta, awannin aji da na asibiti suna cikin abin da ake dubawa. Ke nan layin da babu sa hannu a wancan littafi na teburin sista yana iya bin mutum shekaru.

A ɗauki misalin wata ɗaliba 'yar aji biyu, da aka tura fostin na mako shida a ɗakin maza na masu tiyata. Tsarin ɗakin shi ne aikin safe daga takwas zuwa biyu, na yamma daga biyu zuwa takwas, na dare daga takwas zuwa takwas na safe. Asibitoci sun bambanta a kan waɗannan lokuta, amma a wannan misali safe awa shida ne, yamma awa shida, dare awa goma sha biyu. A mako na biyu, cikin sanyin Janairu, zazzaɓin taifot ya kwantar da ita. Tun daga Litinin 6 ga wata har Talata 14 ga wata ba ta leƙa ɗakin ba.

Da ta ji sauƙi sai ta zauna ta rubuta wasiƙa mai cike da ladabi. Ta yi gaisuwa mai tsawo, ta ba da labarin yadda zazzaɓin ya fara, da yadda aka yi ta ƙarin ruwa, ta ce ta yi fashin kusan mako guda, ta roƙi malama don Allah ta taimaka mata, a shirye take ta yi aiki kowane lokaci aka ga dama. Malamar ta karanta, ta yi mata sannu, ta mayar mata da takardar.

Ba rashin tausayi ba ne. Wasiƙar ce ba ta ba ta abin da za ta yi aiki da shi ba. "Kusan mako guda" ba lissafi ba ne. Kwana tara ɗalibar ta yi ba ta nan, amma biyu daga ciki, Asabar da Lahadi, dama ranakun hutunta ne a rosta, babu bashi a kansu. Saura diyuti bakwai: safe uku, yamma biyu, dare biyu. Safe uku awa 18 ke nan, yamma biyu awa 12, dare biyu awa 24. Jimilla awa 54. Da malamar ta ɗauki maganar mako guda ta ba ta aikin safe na kwana bakwai, da ɗalibar ta yi awa 42 tana ganin ta gama, alhali ana bin ta awa 12. Irin wannan giɓi ba ya fitowa sai ranar da ake tattara takardun 'yan ajin ƙarshe, lokacin da babu sauran sararin cike shi.

Yawan awannin ma ba shi ne kaɗai abin dubawa ba. Awar safe da awar dare ba abu ɗaya suke koyarwa ba, kuma a nan ne ɗalibai suka fi yin kuskure. Da safe ne likitoci ke zagayen ɗaki, ake wanke raunuka, ake shirya wanda za a shiga da shi tiyata, a karɓi wanda aka fito da shi. Ɗalibar da ke wurin lokacin da aka turo gadon wanda aka yi wa aiki ita ce za ta koyi auna bugun zuciya da hawan jini duk bayan minti goma sha biyar a awar farko, ta riƙa duba bandeji ko jini na tsatsowa, ta rubuta ruwan da ya shiga jiki da fitsarin da ya fita. Da dare kuwa ma'aikata sun ragu, likita sai an kira shi. A nan ɗaliba ke koyon abin da littafi ba ya iya nuna mata sosai: ta lura bugun zuciyar wani majinyaci yana ta hawa tun tsakar dare, jininsa yana sauka, jikinsa ya yi sanyi yana gumi, ta gane wannan na iya zama zubar jini a ciki, ta je ta kira sista nan take ba ta jira gari ya waye ba. Wadda ta rama dare biyu da aikin safe huɗu ta cika awa 24 a takarda, amma wannan darasi ya wuce ta. Shi ya sa malamai masu lura suke so a rama safe da safe, dare da dare, kuma a ɗakin da aka yi fashin ko makamancinsa.

Abin da ya fi ɗaure wa ɗalibai kai shi ne jin cewa ana iya hana su. A ganinsu asibitocinmu na fama da ƙarancin ma'aikata, ga mutum ya kawo kansa kyauta, me zai sa a ce masa ya dakata? Amsar ita ce ɗalibi ba ma'aikaci ba ne. Ba shi da lasisi, duk abin da ya taɓa a jikin majinyaci yana wuyan nas ɗin da ke kula da shi. Saboda haka ƙarin ɗalibi a diyuti ƙarin nauyi ne a kan wata. Idan nas biyu ne ke riƙe da ɗaki mai gado talatin a daren Asabar, kuma an riga an turo musu ɗalibai huɗu daga wata makaranta, ta biyar ba za ta samu mai tsaya mata ba. Za ta kwana tana kai samfurin jini ɗakin gwaji tana karɓo magani. Ta wahala, amma ba ta koyi jinya ba. Abin da ɗaliba ke roƙo a wasiƙar nan, in an duba da kyau, lokacin wata nas ne mai lasisi, kuma shi ne abin da ya fi tsada a ɗakin.

Da ɗalibar ta fahimci haka, sai ta fara zuwa wurin incaj ta ɗakin kafin ta sake ɗaukar biro. Ta gaishe ta, ta nemi izinin duba rosta, ta tambayi ranakun da ɗalibai ba su yi yawa ba, da sistar da za ta iya tsaya mata. Sannan ta rubuta ta biyu. A makarantunmu da Turanci ake rubuta irin wannan takarda, kuma yawanci tana bi ta hannun malamin aji kafin ta kai ga mai ita. Ga abin da ta ƙunsa, in an faɗe shi da Hausa:

"Malama, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu da ke fostin a ɗakin maza na masu tiyata. Rashin lafiya ta hana ni zuwa aiki daga Litinin 6 ga Janairu zuwa Talata 14 ga wata. Na sanar da incaj ta waya tun safiyar ranar farko. Na haɗo takardar likita ta hutu, da wadda ta nuna na warke zan iya komawa aiki.

"Diyutin da suka wuce ni bakwai ne: safe a ranakun 6, 7 da 8, yamma a ranakun 9 da 10, dare a ranakun 13 da 14. Jimillarsu awa 54. Ina roƙon izinin rama su kamar haka: yamma biyu a Asabar 25 ga Janairu da Asabar 1 ga Fabrairu, safe uku a ranakun 10, 11 da 12 ga Fabrairu, makon farko na hutu, dare biyu a ranakun 13 da 14 ga Fabrairu. Na yi magana da incaj, ta ce akwai sistar da za ta kula da ni a waɗannan ranaku idan kin amince.

"Ayyukan da ba a sa mini hannu ba tukuna su ne shirya majinyaci kafin tiyata, karɓarsa bayan tiyata, da cire ɗinki. Idan ranakun nan ba su dace ba, zan bi duk tsarin da kika ga ya fi. Na gode, Allah ya ƙara girma."

A ƙasa ta sa cikakken suna, lambar ɗalibta, lambar waya da kwanan wata. Ta ajiye kwafi ɗaya a wurinta.

Abin lura a wannan takarda shi ne ɗalibar ta ɗauke wa malamarta aiki. Lissafi ya fito, kuma ana iya gwada shi da rosta cikin minti biyu. Dalilin fashin jimla ɗaya ce, domin takardar likita ta isa shaida; babu wanda ya wajaba ya baje sirrin rashin lafiyarsa ko na gidansu a takardar da za ta bi ta hannu uku ta ƙare a fayil. Takarda ta biyu, ta tabbacin warkewa, tana da dalilinta: taifot cuta ce da ake ɗauka ta abinci da ruwa da hannun da bai wanku ba, wadda kuwa za ta koma tana ba majinyata magani da abinci ya kamata likita ya ce ta isa komawa. Jerin ayyukan da suka rage mata kuma ya nuna ba cike layi kawai ta zo yi ba.

Duba kuma yadda ta rarraba ranakun. Ba ta ce za ta haɗa safe da yamma a rana guda ba, ko ta fito daga aikin dare ta zarce na safe. Ɗalibin da hankalinsa ya tashi yakan kawo irin wannan shawara yana ganin ƙwazo ne. Wani bincike da Ann Rogers da abokan aikinta suka wallafa a Amurka a 2004, a kan ma'aikatan jinya 393, ya gano cewa yiwuwar yin kuskure ta ninka kusan sau uku idan diyuti ya kai awa goma sha biyu da rabi ko ya wuce. Waɗannan ƙwararru ne masu lasisi. Ina ga ɗalibar da ta tashi daga ciwo makonni biyu da suka wuce, idonta na rufewa, an ce ta saita ledar ƙarin ruwa? A tsarin da ɗalibar nan ta kawo, makonnin da ta ƙara Asabar sun tashi daga awa 30 zuwa 36, makon hutun kuma awa 42. Da nauyi, amma jiki zai iya ɗauka.

Malamar ta amince, sai dai ta yi gyara ɗaya. Ranakun tiyata a wannan ɗaki Talata ne da Alhamis, don haka ta mayar da safen Laraba zuwa Alhamis 13 ga wata, domin ɗalibar ta samu ranar tiyata biyu maimakon ɗaya, ta kuma matsar da dare biyun zuwa Juma'a da Asabar. Ta rubuta haka a ƙasan wasiƙar, ta sa hannu, ta aika wa incaj kwafi a shigar da sunan a rosta. Awannin ba su canza ba, 54 ɗin ne, amma yanzu ayyukan da suka rage a littafin ɗalibar za su samu sa hannu.

Shigar da suna a rosta ba ƙaramin abu ba ne. Akwai ɗaliban da kan tsallake wasiƙar gaba ɗaya, su sa farin kaya su bayyana a ɗaki ranar hutunsu, su yi aiki har yamma, su ce ai sun rama. Sau da yawa ba a ƙirga musu, domin babu takardar da ta ce an turo su, babu wadda aka ɗora wa kula da su. Mafi muni shi ne idan wani abu ya faru. A ce allurar da aka yi wa majinyaci ta soki ɗaliba a yatsa: ana so a ba da rahoto nan take, a yi gwaji, idan akwai fargabar cutar ƙanjamau a fara maganin kariya da wuri, kada a wuce awa 72. Ɗalibar da ta san ba da izini ta zo ba takan ji tsoron faɗa, ta wanke yatsa ta yi shiru.

Sai kuma gajeriyar hanya, wadda kowa ya san da ita: ƙawa ta sa wa ƙawa hannu, ko a lallaɓi wata sista mai sauƙin kai ta cike ranakun da ba a zo ba. Kama wannan ba shi da wuya. Littafin sa hannu yana nan, rosta tana nan, littafin rahoton diyuti yana nan, kuma idan ukun ba su yi magana ɗaya ba an gane. Fashin rashin lafiya ba laifi ba ne. Ƙirƙirar sa hannu kuwa laifi ne da ke iya kai ɗalibi gaban kwamitin ladabtarwa, ya jawo wa nas ɗin da ta taimaka masa. Aikin jinya kacokan a kan amana da rubutu yake tafiya. Wanda ya saba rubuta cewa ya zo alhali bai zo ba, ba shi da nisa da rubuta awon jinin da bai auna ba.

Wasiƙar tana da iyakarta. Awa 54 ana iya cusa su cikin Asabar biyu da mako guda na hutu. Amma ɗalibar da ta haihu ta zauna jego, ko wadda mijinta ya rasu ta shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma, ko wanda haɗarin mota ya kwantar wata uku, bashinsu ya fi ƙarfin malamar asibiti. Fostin guda ko biyu ne suka wuce gaba ɗaya, maganar ta koma ofishin shugaban makaranta, kuma abin da ake nema a nan dakatar da karatu ne a hukumance, a dawo a ci gaba, ko da tare da 'yan baya ne. Yana da ciwo ganin 'yan ajinku sun wuce, amma ya fi a ɓace shiru a dawo a tarar an cire suna. Haka nan idan abin ya shafi kowa, kamar rufe makarantu lokacin korona a 2020, ko yajin aikin malaman jami'o'i na wata takwas a 2022, makaranta ce ke sake tsara jadawalin, ba sai kowa ya rubuta tasa ba.

Fashin da babu uzuri shi ma ana rubuta masa wasiƙa, sai dai a faɗi gaskiya. Wanda ya tafi biki ya ƙara kwana biyu ya ce haka ne, ya ba da haƙuri a jimla ɗaya, ya karɓi abin da dokar makaranta ta tanada. Malaman nan ma'aikatan lafiya ne, takardar likita ta bogi ba ta cika wuce idonsu ba.

Su ma malaman akwai haƙƙi a kansu. Ɗalibar da ta kawo lissafi da ranaku ta cancanci amsa a rubuce cikin 'yan kwanaki, ba "je ki dawo" ba har Asabar ɗin da ta nema ta wuce. Kuma bai dace a mayar da ranar ramuwa ranar horo ba, a bar yarinya tana goge kwanuka da jera fayil daga safe har azahar don ta ji a jikinta. Ba ita ta gayyato taifot ba. Majinyacin da za ta tsaya a kansa nan da shekara biyu, ita kaɗai cikin dare, ba zai amfana da kwanukan da ta goge ba. Da abin da aka nuna mata a bakin gado zai amfana.

Ga ɗalibai kuwa, lokaci shi ne kan gaba. A sanar da incaj tun ranar farko ta fashi, ko da ta bakin ɗan'uwa ne idan jiki bai bari ba. A rubuta wasiƙar cikin makon da aka dawo, tun ana cikin fostin ɗin, tun sistocin da suka san fuskar mutum suna ɗakin. Duk diyutin ramuwa da aka gama, a nemi sa hannun sistar da ta kula kafin a cire farin kaya, da lokacin shiga da na fita. Idan an kammala, a kai wa malama takardar ta rufe lissafin, a nemi kwafi a adana shi tare da takardun makaranta har ranar da aka karɓi lasisi.